Laulayi ne ko alamun zuwan al'ada? Gwajin fitsari bai nuna komai ba

*Salamu alaikum Anti. Wata takwas ke nan da aurena. Al'adata kan zo duk bayan kwana 30, ta ƙarshe ta fara ranar 4 ga Afrilu. Tun wajen 22 ga wata nonona ke ciwo ya cika, ga kasala, marata na ɗan murɗawa, ga kwaɗayin abu mai yaji. Yau 29 ga wata na sayi tsinken gwaji a kemis na gwada da la'asar, layi ɗaya ya fito. Yayata ta ce ciki ne, ni kuma wani lokaci ina jin irin haka kafin al'ada. Yaya zan bambance?*

Wa'alaikumus salam ƙanwata. A kwanakin da kike ciki yanzu, babu wanda zai iya bambance miki ta hanyar alamu, ko ni da na shekara da shekaru a ɗakin awo, ko Yayarki, ko kakar da ta karɓi haihuwa ɗari. Ba ƙarancin sani ba ne. Abin da ke sa ki jin waɗannan abubuwa guda ne, ko da ciki ko babu. Gwajin da kika yi kuma kin yi masa gaggawa, don haka bai ce akwai ba, bai ce babu ba.

Bari in fara da abin da ke faruwa a jikinki a rabin wata na biyu, don daga nan komai ya taso.

Idan ƙwai ya fita daga ma'ajiyarsa, gurbin da ya bari ba ya zama kango. Yakan rikiɗe ya zama wani ɗan ƙullutu mai ruwan ɗorawa, likitoci na kiransa kofus lutiyum, aikinsa fitar da sinadarin furojestaron. Shi wannan sinadari shi ke gyara shimfiɗar cikin mahaifa, ya kaurara ta, ya riƙe ta kada ta zube, ko da baƙo zai sauka. To amma ba a mahaifa kaɗai yake aiki ba. Shi ke kumbura nono ya sa shi tsami, shi ke sanyaya tafiyar hanji har ciki ya kumbura bayan gida ya yi tauri, shi ke kawo barci da nauyin jiki, ya buɗe son cin abinci, ya ɗan ɗaga zafin jiki. Duk macen da ta fitar da ƙwai za ta sami wannan tashin furojestaron, har budurwar da ba ta taɓa sanin namiji ba. Yana kai ƙololuwa wajen kwana bakwai bayan fitar ƙwai.

Shi wannan ƙullutu yana da wa'adi, kwana 12 zuwa 14 a yawancin mata. Idan ba a aiko masa da saƙo ba, sai ya shanye, furojestaron ya faɗi, shimfiɗar mahaifa ta zube. Jinin al'ada ke nan. Idan kuwa ƙwai ya haɗu da maniyyi ya gangaro ya maƙale a jikin mahaifa, ƙwayoyin da za su zama mabiyiya sai su fara sakin wani sinadari cikin jinin uwa. Shi ne hCG da kike gani a rubuce jikin kwalin tsinke da takardar gwajin jini. Saƙonsa ɗaya ne zuwa ga ƙullutun nan: kada ka shanye, ci gaba da aiki. Sai furojestaron ya ƙi sauka, jini ya ƙi zuwa, mu ce an yi ɓatan wata. Haka hCG zai yi ta riƙe da ƙullutun har mabiyiya ta yi ƙarfin karɓar aikin da kanta, tsakanin mako na bakwai zuwa na goma.

Kin ga ke nan hCG ba shi ke kawo alamun farko ba. Alamun na furojestaron ne, hCG hana su wucewa kawai yake yi. Mai ciki da marar ciki hanya ɗaya suke bi har su iso mararraba, mararrabar kuwa ita ce ranar da ake sa ran jini.

Yanzu mu ɗora wannan a kan ranakunki. Mai zagayen kwana 30 takan fitar da ƙwai wajen kwana na 16, domin ana ƙirgowa ne baya daga al'adar da ke tafe, ba gaba daga wadda ta wuce ba. A lissafinki kwana na 16 ya faɗo 19 ga Afrilu, al'ada kuma ana jiranta 4 ga Mayu. Ƙwan da aka yi wa baye ba ya maƙalewa nan take. Yana ɗaukar kwanaki yana gangarowa ta bututun da ke kai ƙwai mahaifa yana rarrabuwa, kuma yakan kama jikin mahaifa tsakanin kwana 6 zuwa 12 bayan fitarsa, mafi yawa a kwana na 8, na 9 ko na 10. A wajenki 27, 28 ko 29 ga Afrilu ke nan. Kafin ya kama, babu hCG ko ɗigo a jininki, jikinki bai ma san da zamansa ba.

To ke kin ce ciwon nono da kasala sun fara tun 22 ga wata, kwana uku kacal bayan fitar ƙwai. A ranar, ko da an dace, ɗan ƙwan yana can cikin bututu bai iso ba. Saboda haka abin da kika ji ranar 22 ba laulayi ba ne, wannan kam ina iya faɗa miki kai tsaye. Furojestaron ne ke tashi. Kada ki ɗauke shi mummunan labari. Alama ce mai kyau cewa kin yi ƙwai a wannan wata, kuma bai kore yiwuwar ciki ba ko kaɗan.

Sai batun tsinke. Yawancin tsinkayen da ake sayarwa a kemis ba sa nuna layi na biyu sai hCG ya kai wajen 25 mIU/mL a fitsari. Duba jikin ledar za ki ga adadin. Shi kuwa sinadarin daga kusan sifili yake farawa, yana ninka kansa duk bayan kwana biyu ko uku, wani lokaci da sauri fiye da haka a kwanakin farko. Mu ƙaddara ƙwai ya kama ranar 28. Ranar 29 da kika gwada, a ce yana 5. Ranar 1 ga Mayu ya zama 10, ranar 3 ya zama 20, ranar 5 ya kai 40, ranar 7 ya kai 80. Misali ne na ba ki don ki ga yadda tsanin yake, ba cewa haka naki zai bi daidai ba, amma kin ga inda 25 ta faɗo: dab da ranar da kike jiran jini. Ƙari a kan haka da la'asar kika gwada, a zafin Afrilu, bayan kin wuni kina shan ruwa. Fitsarin ya tsarke, ɗan abin da ke ciki ma ya ƙara raguwa.

Akwai wani abin da ke ƙara dagula lissafin, shi ne ƙwai ba kullum yake cika alkawari ba. Zazzaɓi, tafiya, tashin hankali, rama ko ƙiba ta farat ɗaya, duk suna iya jinkirta shi da kwana huɗu ko biyar. Idan ya makara, komai ya makara tare da shi: kamawar, tashin hCG, har ranar al'adar. Shi ya sa wata za ta yi ɓatan kwana uku, tsinke ya ce babu, bayan mako guda ya ce akwai. Tsinken bai yi ƙarya ba, kalandarta ce ta gota.

Ga abin da za ki yi. Ki bar tsinke ya huta har 4 ko 5 ga Mayu. Idan jini bai zo ba, ki gwada da fitsarin farko na asuba, kafin ki sha komai. Ki tara shi a ɗan kofi mai tsabta busasshe, ba wanda aka ɗauraye da omo aka bar kumfa ba. Ki tsoma bakin tsinken da kibiyoyi ke nunawa, kada fitsari ya haura layin da aka rubuta MAX, ki ƙirga daƙiƙun da takardar ta ce, ki ciro ki kwantar da shi a busasshen wuri. Za ki ga jiƙa tana hawa a hankali kamar yadda kananzir ke bin lagwani. Ki duba agogo, ki karanta a minti uku zuwa biyar. Layin sama shaida ce cewa tsinken na aiki. Idan shi bai fito ba, ki yar da shi ki ɗauki wani, ko me ya nuna a ƙasa. Layi na biyu kuwa, ko dishi-dishi ne, muddin yana da launi kuma ya fito cikin lokacin, akwai hCG. Abin da ba na so shi ne a ajiye tsinke a kan taga, a dawo bayan awa guda a ɗaga shi ga hasken rana ana ƙanƙance ido. Fitsari idan ya bushe yakan bar wata inuwa mai ruwan toka a gurbin layin, ta sa mata da yawa murnar da ba ta da tushe. Bayan minti goma, duk abin da ya fito ba a lissafa shi.

Ki kuma duba ranar lalacewa, ki lura da inda mai kemis ya ajiye kwalin. Ana son a adana su ƙasa da maki 30 na zafi, shagon kwano kuwa a bazara kin san abin da yake zama da azahar.

Idan babu layi kuma babu jini, ki sake ranar 7 ko 8. Idan har 11 ga Mayu, mako guda cif da ɓatan wata, tsinke na asuba yana cewa babu, to da wuya ƙwarai ciki ne, sai a nemi wani dalilin jinkirin. Ga wadda al'adarta ba ta da tsayayyen lokaci, ko mai shayarwa da jini bai dawo mata ba, ƙa'idar da muke ba su ita ce kwana 21 daga saduwar ƙarshe. Gwajin jini na adadi, wanda ake rubutawa β-hCG, yana gani da wuri fiye da fitsari: ƙasa da 5 babu, sama da 25 akwai, tsakaninsu a maimaita bayan kwana biyu. Amma ban ga dalilin da zai sa ki kashe kuɗinki a kansa yanzu ba, alhali haƙurin kwana biyar zai ba ki amsar da tsinke mai araha.

Na san za ki ce, to Anti, ba wata alama ko ɗaya? Akwai abin da ke ɗan karkatar da zato, sai dai duk bayan mararrabar suke bayyana. Mafi amfani a ciki shi ne alƙiblar da alamun suka dosa. Na gabanin al'ada suna yin sauƙi ana gobe ko jibi jini zai zo, ko da zarar ya fara: nono ya saki, kumburin ciki ya sace. Na ciki kuwa ba sa saki, ranar ta zo ta wuce suna nan, har suna ƙaruwa. Kan nono ya riƙa zafi ko riga ta goge shi, kewayensa ya ƙara duhu, jijiyoyi su fito raɗau. Fitsari ya yawaita har cikin dare, ba tare da zafi ba.

Laulayi na sosai, wato tashin zuciya, amai, tsartar da yawu, ƙin warin da da ake so, shi ne ya fi alaƙa da hCG kansa, kuma shi ya sa ba ya zuwa da wuri. Yakan fara wajen mako na shida, ana ƙirgawa daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, ya tsananta wajen na tara, daidai lokacin da sinadarin ke kan ganiyarsa tsakanin mako na 8 da na 11, sannan ya lafa a yawancin mata daga mako na 12 zuwa na 16. A lissafinki, tsakiyar Mayu ke nan kafin ki ji ƙamshin soyuwar albasa ya kore ki daga kicin. Duk lokacin da hCG ya yi yawan da zai sa mace amai, ya daɗe da wuce abin da tsinke ke gani. Don haka macen da ke amai da kasala da ciwon kai, tsinke mai kyau kuma ya ce babu, ni zazzaɓin cizon sauro nake fara nema a jikinta, ko ciwon sanyin fitsari, ko gyambon ciki, ba laulayi ba. Akasin haka ma yana faruwa, kuma ya fi damuna: mai ƙaramin ciki ta ɗauka maleriya ce ko taifot, ta je kemis a haɗa mata magani kala biyar, ba wanda ya tambaye ta yaushe rabonta da al'ada.

Murɗar mara da kwaɗayin yaji ba sa raba gardama, kowane ɓangare na da su. Haka ɗigon jinin da ake cewa na kamawar ƙwai ne. Gaskiya ne wasu masu ciki kan ga ɗan ɗigo ruwan hoda ko ruwan ƙasa na yini ɗaya ko biyu, wanda ba ya cika ƙunzugu. Amma mafi yawan masu ciki ba sa ganinsa, mata da yawa marasa ciki kuma suna ɗiga kafin al'ada ta ɓalle. Ba abin dogaro ba ne. Su kuma gwaje-gwajen da ke yawo a waya, na zuba gishiri ko sukari ko man goge baki a fitsari, ɓarnar gishiri ce kawai. Kada ma ki kusanci wanda ake cewa a zuba ruwan bilic, hayaƙin da yake tayarwa yana cutar da ƙirji.

In kina son abin da za ki riƙa bibiya a watanni masu zuwa, akwai auna zafin jiki kowace safiya kafin ki sauko daga gado. Bayan fitar ƙwai yakan ɗaga da kamar 0.3 zuwa 0.5 na maki, ya sauko dab da al'ada. Idan ya zauna a sama kwana 18 a jere, zaton ciki ya yi ƙarfi. Sai dai yana son ma'auni mai kyau da barci mai tsari, zazzaɓi kaɗan kuma ya rushe lissafin, shi ya sa ba kowa nake ɗora wa shi ba.

Dalilin da ya sa nake hana gwaji da wuri ba asarar tsinke ba ce kawai. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1988, wanda ya bi mata 221 masu neman haihuwa ana auna fitsarinsu kullum, ya gano cewa kashi 22 cikin ɗari na cikin da ya kama ya zube tun kafin matar ko likita su san da shi. Ƙwai ya kama, hCG ya ɗan tashi, sannan ya faɗi, jini ya zo a kan lokaci ko da jinkirin kwana biyu-uku. Yawanci matsala ce a halittar shi wannan ƙwan, ba ɗaukar bokiti ko hawa babur ba. Iyayenmu al'ada suke kiransa su wuce. Wadda ke gwadawa tun saura kwana biyar ita ke ganin layi dishi-dishi, ta gaya wa miji, miji ya gaya wa Hajiya, bayan kwana uku a shiga jaje.

Layi biyu ma yana da inda yake ruɗi. Wadda aka yi wa allurar fashe ƙwai a asibitin neman haihuwa, allurar kanta hCG ce, tana iya nunawa a fitsari har kwana 10 zuwa 14. Wadda ta yi ɓari ko ta haihu kwanan nan, saura na iya kai makonni kafin ya wanke. Ƙwayar tazarar haihuwa, farasitamol da maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa ba sa taɓa sakamakon.

Abu na ƙarshe da nake so ki riƙe da kyau: tsinke yana cewa akwai ciki, amma ba ya faɗin inda cikin ya zauna. Kamar ɗaya ko biyu cikin ɗari yakan maƙale a bututu maimakon mahaifa. Na taɓa karɓar wata amarya sa'arki da dare, an riƙo ta ba ta iya miƙewa. Ta yi ɓatan wata na kusan mako uku, sai ta fara ganin ɗan baƙin jini, ta ce al'ada ce ta makara. Mararta na ciwo ɓangaren dama, aka dafa mata jiƙo, ta sha maganin ciwon mara kwana biyu. Abin da ya sa aka kawo ta shi ne ta faɗi a banɗaki. Da na buɗe idonta fari fat, bugun jini na gudu, tana cewa kafaɗarta ke ciwo, abin da ya ba dangin mamaki. Jinin da ya taru a ciki ne ke taɓa wata jijiya a ƙarƙashin haƙarƙari, sai a ji ciwon a kafaɗa. Tsinke ya nuna layi biyu nan take, aka shiga da ita tiyata. Allah ya yi da sauran kwana, amma ta rasa bututu ɗaya. Irin wannan yakan bayyana tsakanin mako na shida da na takwas. Idan an zo da wuri, a nan ne gwajin jini na adadi ke da ranarsa: a auna yau, a sake bayan awa 48. Cikin da ke zaune lafiya yakan ƙaru sosai, sau da yawa ya kusa ninkawa, wanda ke wajen mahaifa kuwa sau da yawa yana jan ƙafa ko ya tsaya. Idan adadin ya haura wajen 1,500 zuwa 2,000 kuma hoton da ake ɗauka ta gaba bai ga komai cikin mahaifa ba, likita zai tsananta bincike. Don haka ɓatan wata tare da ciwo mai tsanani a gefe ɗaya, ko jiri, ko suma, ko ciwon kafaɗa, ko jini mai yawa, ba a kwana da shi a gida, ko tsinke ya nuna ko ba a ma gwada ba.

Daga yau zuwa 4 ga Mayu, ki zauna kamar mai ciki ta fuskar abin da kike sha. Ki fara ƙwayar folik asid, maikurogiram 400 kullum. Tun kafin a ɗauki ciki ya kamata a fara ta, domin lakar bayan jariri tana rufewa ne a makonni huɗu na farko bayan shigar ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar ba. Idan ciwon mara ko na kai ya dame ki, farasitamol ya isa, ki ajiye ibufurofen da daikulofenak. Kada ki sha jiƙon wankin mara ko wani haɗin da aka ce yana sauko da al'ada. Idan zazzaɓi ya kama ki, a yi gwajin maleriya tukuna, kuma ki gaya wa mai rubuta maganin da bakinki cewa kina jiran wata. Yayarki kuma ki ce mata ta ba ki zuwa ranar 5.